An sallame ni daga aiki: yaya zan rubuta wa makaranta takardar neman biyan kuɗin yara kashi-kashi?

Abu_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar makarantun kuɗi daga ciki. A ƙarshen watan Agusta kamfanin da na yi wa aikin kula da sito shekara bakwai a nan Kano ya rage ma'aikata, kuma ina cikin waɗanda abin ya shafa. Yarana uku suna makaranta ɗaya. Babbar tana ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuɗinta naira 95,000 a zango, mai bi mata ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, nasa 80,000, ƙaramar kuma tana aji huɗu na firamare, nata 60,000. Jimilla 235,000 ke nan, kuma sanarwar makaranta ta ce a kammala biya cikin mako biyu da komawa hutu. Abin da ke hannuna yanzu 120,000 ne, sai albashin wata ɗaya, 85,000, da kamfanin ya ce zai ba mu a madadin wa'adin sallama kafin ƙarshen Satumba. Ga abin da na rubuta, ban kai ba tukuna:

"Ranka ya daɗe, ina rubuto wannan takarda cikin baƙin ciki domin in sanar da kai halin da na tsinci kaina. An kore ni daga aiki ba tare da laifin komai ba, ga tsadar rayuwa, ga iyali da iyaye tsofaffi a wuyana. Ina roƙon ka dubi girman Allah ka yi mini haƙuri, zan biya abin da ya sawwaƙa yanzu, sauran kuma zan kawo da zarar Allah ya hore."

Shin wannan ta isa, ko akwai abin da ya kamata in ƙara?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Malam. A ganina takardar ta yi, domin duk mai imani idan ya karanta ta zai tausaya. Abin da zan ƙara shi ne ka kai ta da kanka maimakon ka ba yaro, saboda zuwa da kai ya fi aike, wanda kake gani a gabanka ya fi wuyar a ce masa a'a.

TsohonAkanta:
Malam Abu Safiyya, Allah ya kawo mafita. Na riƙe littafin kuɗi na wata makaranta mai zaman kanta shekara tara, kuma irin takardarka na karanta ta fi a ƙirga, saboda haka ka yi haƙuri in gaya maka gaskiya: ba za ta yi maka aikin da kake so ba. Ba don an ƙi tausaya maka ba, sai don babu abin da mai makaranta zai iya sa wa hannu a cikinta. Kalmar "abin da ya sawwaƙa" ba adadi ba ce, "da zarar Allah ya hore" kuma ba rana ba ce, alhali shi mai makarantar yana da rana tabbatacciya a gabansa, wato ƙarshen wata, lokacin da malamai za su tsaya jiran albashi.

Ka fahimci yadda kuɗin makaranta yake tafiya. Mafi yawansa yana shigowa ne a makonnin farko na zango, amma albashi, da man janareta, da kuɗin haya idan ginin ba nasu ba ne, suna fita ne kowane wata har zangon ya ƙare, kuma akan biya albashi har a watan hutu. Don haka aikin akanta shi ne ya shimfiɗa kuɗin Satumba ya kai shi Disamba. Idan uba ya ce zai kawo 70,000 ranar 21 ga Nuwamba, ina da gurbin da zan rubuta wannan a lissafin albashin Nuwamba, kuma zan iya shiga ofishin mai makaranta in ce masa wannan ba bashi ne mai haɗari ba. Idan kuwa ya ce in yi haƙuri kawai, takardarsa tana shiga fayil, sunan yaransa kuma yana zama a jerin waɗanda ba su biya ba, jerin da ake miƙa wa mai gadi ranar da aka fara mayar da yara gida. Mai gadi ba ya karanta takardar roƙo, jerin sunaye kawai yake dubawa.

Abin da takardar take bukata kaɗan ne: sunayen yaran da azuzuwansu, jimillar kuɗin, dalili a jimla ɗaya ko biyu, abin da ka riga ka biya tare da rasit, da ranaku da adadin sauran. Sannan ka faɗi ainihin abin da kake nema, wato a bar yaran a aji kuma a bar su su rubuta jarrabawa muddin kana cika ranakun.

Maman_Ihsan:
Na goyi bayan TsohonAkanta, domin na ɗanɗana. Shekara biyu da suka wuce maigidana ya rasa aikinsa, muka je muka yi magana da shugaban makaranta baki da baki, ya ce kada mu damu. Bayan mako uku aka dawo mana da yara gida da ƙarfe tara na safe, saboda ashe shugaban ma'aikaci ne kamar kowa, maganar kuɗi tana hannun mai makarantar, kuma babu wanda ya sanar da ofishin kuɗi cewa an yi mana alfarma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a gaban 'yan ajinsu aka kira sunayensu. Don haka, Malam, kafin ka rubuta "ranka ya daɗe" ka bincika wa ke da ikon amincewa, ka rubuta masa shi, ka bi ta hannun shugaban makaranta don girmamawa, sannan ka ajiye kofi a ofishin kuɗi.

Ɗan_Jami'a_Sokoto:
Ni shawarata ita ce ka nemi rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya. Akwai asusun NELFUND da aka fara a 2024, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, kuma sai mutum ya fara aiki ake mayar da rancen. Abokaina da yawa sun samu.

Malama_Rabi:
Ƙanena, ka sake karanta tambayar. Wannan asusu na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, jami'o'i da kwalejoji, bai shafi yaran firamare da sakandare a makarantar kuɗi ba. Babbar 'yarsa za ta iya dubawa idan Allah ya kai ta jami'a, amma yanzu maganar zangon farko ake yi.

Abu_Safiyya:
Na gode ƙwarai, musamman TsohonAkanta da Maman Ihsan. Na gane kuskurena. To idan haka ne, zan ba su duka 120,000 ɗin da ke hannuna ranar komawa domin su ga da gaske nake, sai in rubuta cewa zan cika 115,000 ɗin da ya rage a ƙarshen Satumba, idan kamfani ya biya mu.

TsohonAkanta:
A'a, Malam, wannan ya fi na farko haɗari. Da farko dai lissafin bai haɗu ba, domin kamfani 85,000 ya yi maka alkawari, kai kuma kana shirin yi wa makaranta alkawarin 115,000 a kansa. Na biyu, ka ɗora ranarka a kan ranar wani. Kamfanin da ya rage ma'aikata saboda ƙarancin kuɗi ba abin mamaki ba ne ƙarshen Satumbarsa ya zama tsakiyar Oktoba, kuma idan ka saɓa kashi na farko da ka rubuta da hannunka, duk abin da za ka faɗa bayan nan ba shi da nauyi. Na sha ganin uban da aka yi wa alfarma sau ɗaya, ya saɓa da mako biyu ba tare da ya ce uffan ba, daga nan mai makaranta ya daina karɓar takardarsa har abada. Na uku, idan ka miƙa duk abin da ke hannunka, me iyali za su ci a watan, kuma da me za ka yi kuɗin motar neman aiki?

Ka gaya mana, ban da kuɗin kamfani, akwai wani abu da yake shigowa wanda ka san ranarsa?

Abu_Safiyya:
Akwai. Yayana yana da shago a Kantin Kwari, na fara taya shi, yana ba ni abin da bai gaza 40,000 a wata ba. Mai ɗakina kuma tana ɗinki, tana cikin adashi, kwasarta ta 60,000 za ta faɗo a farkon Nuwamba, kuma ta ce ta amince a sa a kuɗin yara.

TsohonAkanta:
Madalla, yanzu muna da abin gini. Da ni ne, zan biya 90,000 kafin in kai takardar, in riƙe 30,000 na gida. Kashi na biyu 75,000, in sa shi ranar 24 ga Oktoba, wato na ba kuɗin kamfani rarar sama da mako uku, kuma ko ya zo na bar 10,000 a kai. Kashi na uku 70,000 ranar 21 ga Nuwamba, daga adashi da ɗan abin da aka tara na shago. Ka lura na gama komai kafin jarrabawar ƙarshen zango, wadda yawanci takan faɗo a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, domin jarrabawa ita ce igiyar da makaranta take riƙewa. Duk jadawalin da ya tsallake ranar jarrabawa, da wuya a sa masa hannu. Ga yadda zan rubuta:

"Zuwa ga Mai Makaranta, ta hannun Shugaban Makaranta.

Neman izinin biyan kuɗin zangon farko a kashi uku.

Bayan gaisuwa, ni ne mahaifin ɗalibai uku da sunayensu da azuzuwansu suke a ƙasa, waɗanda jimillar kuɗinsu na wannan zango naira 235,000 ne. Kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata a ranar 31 ga Agusta, kuma ina cikin waɗanda aka sallama, kamar yadda kofin takardar da na haɗa ya nuna. Saboda haka ba zan iya biyan kuɗin gaba ɗaya cikin wa'adin da makaranta ta sa ba.

Na riga na biya naira 90,000, ga rasit a haɗe. Ina neman izini in biya naira 75,000 a ranar 24 ga Oktoba ko kafin nan, sannan naira 70,000 a ranar 21 ga Nuwamba ko kafin nan. Ina roƙon a bar yaran su ci gaba da shiga aji da rubuta gwaji da jarrabawa muddin ina cika waɗannan ranaku, kuma duk wata magana ta kuɗi a yi ta da ni kai tsaye, ba ta hannun yaran ba. Idan wani abu ya taso da zai hana ni cika wata rana, zan sanar da ofishin kuɗi a rubuce mako ɗaya kafin ranar.

Shekara bakwai ke nan yarana suna wannan makaranta, kuma littafinku zai nuna ban taɓa tsallake zango da bashi ba. Idan an amince, ina roƙon a sa hannu a kofin wannan takarda, a kuma sanar da ofishin kuɗi."

Sai suna, lambar waya, sa hannu da kwanan wata. Jimlar shekara bakwai ɗin ka gyara ta daidai da gaskiyarka, idan kuma ka taɓa yin jinkiri, ka cire ta gaba ɗaya, domin abu na farko da akanta zai yi shi ne buɗe littafi ya duba.

Hajiya_MaiMakaranta:
Ni ina da ƙaramar makaranta a Zariya, firamare da ƙaramar sakandare, kuma da wannan takarda ta zo teburina zan sa mata hannu a ranar. Amma akwai abu biyu da ban yarda da Malam Akanta a kansu ba. Na farko, ba na son uba ya haɗo mini takardar sallamarsa. A cikinta akwai albashinsa da lambar aikinsa, fayil kuma hannu da yawa ke taɓa shi, daga magatakarda zuwa malamar aji, kuma na san yadda magana take yawo a ɗakin malamai. Ya zo da ita a hannunsa ya nuna mini, in gani, ya mayar aljihu, wannan ya wadatar. Na biyu, bai gaya masa ya faɗi yadda za a raba 90,000 ɗin a kan yaran ba. Mu kowane ɗalibi yana da shafinsa, kuma idan ba a faɗa ba, mai rubuta rasit yana iya zuba duka a kan babbar, sai ƙananan biyu su fito a jerin waɗanda ba su biya ko kwabo ba. Ya rubuta a fili, misali 40,000 ga babbar, 30,000 ga na tsakiya, 20,000 ga ƙaramar, ya kuma karɓi rasit uku.

Sannan ina roƙon iyaye su daina jira sai an mayar da yaro gida kafin su rubuta. Wanda ya zo kafin wa'adi ya cika, shawara ya zo mu yi, wanda ya zo bayan an kori yaro kuwa da fushi yake zuwa, ni ma kuma a lokacin na riga na yi lissafina ba tare da shi ba.

TsohonAkanta:
Hajiya, maganar raba kuɗin a kan yara gaskiyarki ce, mantuwa na yi, kuma kuskure ne da na gani da idona fiye da sau ɗaya. Amma batun takardar sallama ina nan a kan bakana. A makarantarki ke ce mai yanke hukunci, kina gani da idonki magana ta ƙare. Inda na yi aiki kwamiti ne na mutum uku, biyu daga cikinsu ba sa ganin iyaye ko kaɗan, takarda kawai suke gani, kuma wadda ba ta da hujja a haɗe a ƙasan tari take kwana. Abin da zai iya yi shi ne ya rufe layin albashi da takarda kafin ya ɗauki kofi.

Ɗalibin_Shari'a:
Ni ban ga dalilin wannan dogon lallashi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, saboda haka babu makarantar da take da ikon korar ƙananan yaran nan biyu saboda kuɗi. Ya ambaci dokar a takardar, za su shiga taitayinsu. Sannan yana da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fanshonsa da zai iya cira tunda ya rasa aiki, ya je ya karɓa ya biya gaba ɗaya ya huta.

Baba_Sani_Fansho:
Ɗana, ka riƙo gaskiya ta wutsiya a wurare biyu. Dokar 2004 gwamnati ta ɗora wa nauyin samar da karatu kyauta, kuma a makarantun gwamnati ake samunsa. Wanda ya kai ɗansa makarantar kuɗi yarjejeniya ya shiga, su koyar, shi ya biya, kuma takardar neman alfarma da aka cusa wa barazanar doka ta tashi daga neman alfarma. Amfanin dokar gare shi ɗaya ne, wato idan abin ya gagara, ƙananan biyu suna da gurbi a makarantar gwamnati ba tare da kuɗin zango ba.

Maganar fansho kuma, na yi aiki a wannan fanni kafin in yi ritaya. Gaskiya ne Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, amma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Wanda aka sallama a ƙarshen Agusta ba zai iya nema ba sai ƙarshen Disamba, bayan nan kuma akwai cike takardu da jiran amincewa, ke nan wannan kuɗi na zango na biyu ne, ba na farko ba. Kada ya kuskura ya ambace shi a jadawalin yanzu. Abin da zai yi tun yau shi ne ya je ofishin kamfanin fanshonsa ya nemi bayanin asusunsa, ya duba ko tsohon wurin aikinsa yana zuba kason da doka ta ce, kashi 8 daga albashinsa da kashi 10 daga kamfani, domin mutane da yawa sai a wannan lokacin suke tarar da watanni da aka cire musu amma ba a zuba ba. Kuma ya adana ainihin takardar sallamar da kyau, saboda ita ce abu na farko da za a tambaye shi, wannan ma wani dalili ne na kada ya bar wa makaranta sai kofi.

Malama_Rabi:
Duk kun tsaya a kan kuɗin zango, kun manta babbar tana ajin ƙarshe. Ina koyarwa a babbar sakandare, kuma abin da nake jin tsoro shi ne rajistar WAEC da NECO. Wannan kuɗi ba na makaranta ba ne da za ta yi haƙuri da shi, karɓa take yi ta miƙa wa hukumar jarrabawa, kuma idan an rufe rajista, ko a biya tarar makara ko yarinya ta rasa shekara guda. Makarantu da yawa a ƙarshen zangon farko ko farkon na biyu suke fara karɓa, wasu kuma ba sa yi wa ɗalibin da ake bi bashin zango rajista. Malam Abu Safiyya, ka tambayi adadin da ranar tun yanzu, kafin ka sa hannu a kowane jadawali, domin mai yiwuwa ne kwasar adashin Nuwamba can ta fi dacewa. Kuma a nan zan saɓa wa Hajiya kaɗan. Da ni ce, zan fi nauyaya kashin farko a kan babbar, saboda ita ce ba za a iya ɗagawa zuwa wata makaranta a wannan shekara ba, sakamakon gwaje-gwajenta na aji huɗu da biyar duk yana hannun wannan makaranta, ƙananan kuwa suna da hanya.

Ɗan_Maradi:
Salamu alaikum. Ina karanta ku daga Nijar, kuma abin ya ba ni mamaki kaɗan. A wurinmu lakkwal takan buɗe a Oktoba, kuma makarantun kuɗi da na sani kuɗin shekara suke yankewa, sannan su da kansu su raba shi kashi biyu ko uku tun ranar rajista, saboda haka biya kashi-kashi ba alfarma ba ce, tsari ne. Sai idan mutum ya kasa cika wani kashi ne yake rubuta wa darakta, kuma da Faransanci. Lokacin da aikina na wata ƙungiya ya ƙare, na nemi a raba mini kashi na biyu, jika 60 na sefa, zuwa wata uku, aka yarda amma aka ce in kawo wanda zai tsaya mini. Tambayata ita ce, ku da wane harshe za a rubuta wannan takarda, tunda na ga da Hausa aka tsara ta?

Hajiya_MaiMakaranta:
Malam na Maraɗi, fayilolinmu da Turanci suke, kuma ya fi kyau ya juya ta zuwa Turanci mai sauƙi idan makarantar ta boko ce zalla. Amma ni na karɓi takardun Hausa da yawa, kuma na fi son Hausar da uba ya san abin da ya sa wa hannu a kan Turancin da aka buga masa a shagon kwamfuta, wanda ko ranakun da ke ciki bai karanta ba. Maganar mai tsayawa kuma, mu ma mukan nema idan sabon uba ne da ba mu san shi ba, amma mai shekara bakwai littafinsa ne mai tsaya masa.

Baba_Sani_Fansho:
Tunda an zo maganar jingina, bari in ja kunne a kan abu ɗaya. Wasu makarantu sukan ce a bar musu cek mai ɗauke da kwanan wata na gaba. Kada ka bayar sai ka tabbata kuɗin zai kasance a asusun a ranar, domin a Najeriya bayar da cek ɗin da banki ya mayar saboda rashin kuɗi laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyu. Bashin makaranta magana ce ta sulhu, amma cek ɗin da ya dawo yana iya mayar da ita maganar 'yan sanda.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya saka wa kowa. Ina so in tabbatar wa Malam Abu Safiyya cewa rubuta adadi da rana ba rashin tawakkali ba ne, domin aya ta 282 a Suratul Baƙara umarni ta yi a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, aya ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci. Ya sa "in sha Allahu" a gaban ranar, amma kada ya sa ta a madadin ranar. Abin da nake son sani daga Hajiya shi ne, wasu makarantu suna ɗora ƙarin kuɗi a kan wanda ya yi jinkiri, kuma ni a fahimtata ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ne. Idan aka gindaya masa wannan, ya karɓa?

Hajiya_MaiMakaranta:
Allah ya gafarta Malam, ni ba na ɗora tara, amma ina yin rangwame ga wanda ya biya gaba ɗaya a makon farko, wanda ya biya kashi-kashi kuma ya biya cikakken kuɗi. Wani malami ya ce mini wannan ya halatta, wani kuma ya ce tarar ce na sauya wa riga. Har yau ban sami wanda ya raba mini gardamar ba, kuma ba zan ce na fi ku sani ba.

Abu_Safiyya:
'Yan'uwa, na dawo da bayani. Na biya 90,000 a banki, na raba shi 50,000 ga babbar da 20,000 ga kowane ɗaya daga ƙananan, wato na bi Malama Rabi a nan, Hajiya ta yi mini afuwa. Na juya takardar zuwa Turanci, na rufe layin albashi a kofin takardar sallama, na kai da kaina. Mai makarantar ya amince da 24 ga Oktoba, amma ya dawo da kashi na uku zuwa 14 ga Nuwamba, ya ce daga mako na gaba da wannan suke fara fitar da katin shiga jarrabawa. Ya sa hannu a kofina, akanta ma ya sa, kuma babu tara. Sai dai abin da Malama ta hango ya tabbata: rajistar WAEC da NECO tare da abin da makaranta ta ɗora a kai naira 90,000 ne, ana so kafin a tafi hutun Disamba, kuma ya ce wannan ba ya rabuwa. Ban san inda zan samo shi ba tukuna, ga kuma zango na biyu yana tafe a Janairu.

Malama_Rabi:
Ka koma ka tambaye su ko za a raba rajistar gida biyu, a yi ta WAEC yanzu, ta NECO kuma daga baya, tunda WAEC ce ake fara rubutawa kuma rajistar NECO takan ja zuwa gaba. Ka nemi su rubuta maka nawa ne na kowace hukuma, nawa ne kuma na darasin ƙarin lokaci da sauran abin da suka ɗora, domin wannan ɓangare na ƙarshe nasu ne, kuma shi yana iya shiga jadawali kamar kuɗin zango.

Maman_Ihsan:
Ni kuma tambayata a kan ƙananan ce. Idan har ka fara tunanin mayar da su wata makaranta a Janairu, ka bincika tun yanzu ko makarantar tana bukatar a sanar da ita kafin ƙarshen zango, domin mu sai da muka biya bashin ƙarshe kafin aka ba mu takardar canjin makaranta da sakamakon yaran. Ka duba takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke su, idan tana nan a ajiye.

Abu_Safiyya:
Tana nan, Maman Ihsan, mai ɗakina ta ce tana cikin jakar takardun haihuwa. Zan duba ta da daddare, gobe kuma in koma ofishin kuɗi da tambayar Malama Rabi.